Kalma ɗaya muka taɓa a amshin walima

Mu mutanen Sabo ta Ibadan ba mu cika rubuta sabuwar waƙa ba, sai dai mu gyara tsohuwa. Tun 1916 da aka kafa unguwar nan, duk wanda ya sauka ya zo da waƙoƙin garinsu a baki, kuma lokaci-lokaci bukata takan taso a sauya suna ko a cire wata kalma. Mu da ke koyar da yara a Islamiyya, bana aikin ya faɗo kanmu ta hanyar amshin da muke rerawa a walimar sauka, wanda mu da kanmu muka tsara shi shekarun baya:

Samari ku zo rijiya ga ruwa,
Ku ɗebo da guga ku kai unguwa.

Rijiyar ita ce ilimi, gugan kuwa wahalar karatu. Sanda aka tsara shi maza ne ke sauka. Yanzu 'yan mata sun fi yawa a sahu, kuma iyayensu mata sun faɗa mana gaskiya: bai kamata yarinya ta yi shekaru tana bita, ranar farin cikinta a tsayar da ita ta kira samari kaɗai ba. Mun yarda. Abin da ya rage shi ne a sauya kalmar ba tare da an karya waƙar ba.

Kafin a taɓa ɗango, sai an san abin da yake tsaye a kai. Karin rubutacciyar waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa yake tafiya. Gaɓa mai sauƙi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar ku ko da. Mai nauyi kuwa ita ce wadda ake jan wasalinta, kamar zo, ko mai tagwan wasali, kamar kai, ko wadda baƙi ya rufe, kamar un a farkon unguwa. Amshinmu yana kan karin da malaman aruli ke kira Mutaƙarab: sauƙi ɗaya, nauyi biyu, a maimaita sau uku, sannan a rufe da sauƙi da nauyi. Gaɓa 11 ke nan a kowane ɗango. In an yanka na farko zai fito haka: sa-maa-rii, ku-zoo-rii, ji-yaa-gaa, ru-waa. A lura, yankan bai damu da inda kalma ta ƙare ba, shi ya sa ya raba rijiya biyu.

Kalmar da kowa ya fara kawowa ita ce ɗalibai. Ta haɗa maza da mata, gaɓarta uku kamar samari, a takarda ba ta da aibu. Amma da aka rera sai bakin yara ya yi tuntuɓe. Samari tana farawa da sauƙi, sa-maa-rii, ita kuwa ɗalibai da nauyi take farawa, ɗaa-li-bai, sauƙin yana tsakiya. Don ta shiga ramin da aka cire waccan, dole mai rerawa ya gutsure ɗa ya ja li, ya ce ɗa-lii-bai, kalmar da babu Bahaushen da ke faɗarta haka. Wannan ita ce alamar karyewar kari: ka ji ana jan wasalin da ba a jansa a magana, ko ana haɗiye wani da sauri don a cim ma tafi. Yara ma an gwada ta, gaɓarta biyu, ta bar giɓi. Daga bisani wata malama a cikinmu ta ce matasa. Ma-taa-saa: sauƙi, nauyi, nauyi. Ta zauna daram, kamar don ita aka haƙa wurin.

Dalilin da ƙirga gaɓa a takarda ke yaudara shi ne rubutun boko ba ya nuna dogon wasali. Ajami yakan nuna shi, shi ya sa tsofaffinmu da suka taso da allo ke saurin kama kuskure. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan, da ke Hausa a gida, Yarbanci a kasuwa, Turanci a makaranta, sun fi bukatar a ce su rufe littafi su saurara. Dabararmu mai sauƙi ce: a fara gunjin ɗangon da baki rufe ana buga tebur, sannan a faɗi sabuwar kalmar yadda ake faɗarta a hira, a ji ko ta hau bugun da kanta.

Da aka ga ƙofa ta buɗe, sai shawarwari suka yi ta zuwa. Wani matashin malami ya ce rijiya kayan ƙauye ce, a sa famfo, har ya kawo ɗangonsa: Matasa ku zo nan ga famfon ruwa. Mun auna, karinsa lafiya lau, domin ga ɗinsa gajere ne, irin na "je ga wane", ba mai ja na "ga shi" ba. Amsa-amon wa ma yana nan. Duk da haka mun ƙi. In famfo ya shigo, me guga zai yi a ɗango na biyu? Famfo murɗawa ake yi ruwa ya zubo, rijiya kuwa sai an sunkuya, an zura, an ja, hannu ya yi kanta, kuma ba a ganin ƙarshen abin da ke cikinta. Wannan shi ne karatu. Hoton waƙa kayan aiki ne da suka zo tare, rijiya da guga da ɗiba, in ka cire ɗaya sai ka sake sauran duka, kuma a lokacin sabuwar waƙa kake yi. Balle ma rijiya ba baƙuwa ba ce ga yaran Ibadan.

Shawarar da ta fi wuyar ƙi daga dattijo ta zo. Ya so ɗango na biyu ya ƙare da ku kai can gida. A kari ba ta da matsala: ku-kai-can, gi-daa. Amma ta zubar da amsa-amo, domin kunne yana jiran wa ya amsa wa ruwa, sai ya ci karo da da. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. A bakinmu, can gida na nufin Arewa. Yaran da za su tsaya su rera, wasunsu kakanninsu ma a nan aka haife su. Mun gaya wa Baba cikin ladabi cewa ba ma so mu sa a bakinsu cewa amfanin karatunsu na wani wuri ne, alhali masallatanmu da makarantunmu na nan suna jiran masu koyarwa. Ya yi shiru, ya ce a bar unguwa.

Cikin gyara uku da aka kawo, ɗaya ne ya wuce, don shi kaɗai ya tsallake awo uku: nauyin gaɓa, amsa-amo, da hoto. Sauran biyun duk sun hau kari, wanda ke nuna kari shi kaɗai bai isa hujja ba. Iyayen da suka haddace tsohon amshi ba sai sun koyi sabon sauti ba, kalmar farko kawai za su sauya. Ga yadda za a rera shi ranar walima, in Allah ya kai mu:

Matasa ku zo rijiya ga ruwa,
Ku ɗebo da guga ku kai unguwa.