Tukunyar da ta yi shiru ita ce abin tsoro

Tun ranar da na taɓo zancen tukunyar nan mai huci a rediyo, wadda muke kira kokot, saƙonni ba su yanke ba. Tambaya biyu ce ke ta maimaituwa: minti nawa wake ke yi, minti nawa ƙafar sa ke yi? Minti goma da aka ba ni a shirin bai isa ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta. Amma sai na fara da abin da ya faru a gidana, don shi ne ya koya mini.

A azumin bara ne. Ina wurin aiki, na bar ƙanwata da girkin buɗa-baki. Kokot ɗina mai litar 8 ce, irin ta da, mai ƙarfe a gicciye bisa murfi da ake murɗawa a ɗaure. Yarinyar nan ta ga baƙi za su zo, sai ta juye wake tiya guda cur, ta cika ruwa har kusa da baki, ta jefa kanwa kamar yadda muka saba a tukunyar ƙasa, ta ɗora bisa gaz ta buɗe wuta duka. Tukunya ta yi huci na ɗan lokaci, sannan ta yi tsit. Ita a ganinta iska ta gama fita ke nan. Ta kama marfi ta fara kwancewa. Kafin ta gama murɗa na biyu, ruwan wake ya yi tsartuwa ta gefen murfi ya zubo mata a hannu tun daga wuyan hannu har gwiwa. Allah ya kiyaye fuskarta. Mun yi sati uku muna zuwa wankin ciwo, kuma har yau tabon yana nan.

Da na dawo na ɗaga murfin na duba ɗan bututun da tururi ke bi, sai na tarar ƙwanson wake ya toshe shi ƙam. Ban yi mata faɗa ba, domin laifina ne. Na ba ta tukunya ban gaya mata yadda take aiki ba.

To ga yadda take aiki. A tukunyar da muka sani, ruwa na tafasa a digiri 100, kuma ko icen duniya kika tura ba zai wuce nan ba, sai dai ya ƙone. Kokot kuwa tana riƙe tururi a ciki, sai zafin ruwan ya hau ya kai wajen digiri 110 zuwa 120. Wannan ɗan ƙarin shi ke sa abin da ke cin awa uku ya nuna cikin awa ɗaya. Dabarar ba sabuwa ba ce, wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ya fito da ita tun 1679, kamfanin SEB na Faransa kuma ya fitar da irin wadda muka fi sani a 1953. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, ruwan da ke ciki ya fi ƙarfin tafasa, matsin tururi ne kawai ya danne shi. Da zarar an saki matsin farat ɗaya, ruwan duka zai tafaso a lokaci guda ya nemi hanyar fita. Abin da ya sami ƙanwata ke nan.

Yanzu lissafin wake. Kuskuren farko yana wurin awo. Tiya guda ta wake wajen kilo 2 da rabi ce, kuma wake idan ya sha ruwa yana ninka kansa fiye da sau biyu. Ke nan tiya guda kaɗai ta isa ta cika tukunya mai litar 8 bayan ya kumbura, babu wurin da tururi zai tsaya. Ƙa'idar ita ce, wake da ruwansa kada su wuce rabin tukunya. Ni yanzu kilo 1 nake sawa, wato bai kai rabin tiya ba, da ruwa litar 2 da rabi. Ina wanke shi sosai, in tsame duk ƙwanson da ya taso, in zuba cokali ɗaya na man gyaɗa don yana kwantar da kumfa. Kanwa kuma na daina sa ta a kokot. Tana tayar da kumfa, kumfar ce ke ɗaukar ƙwanso ta kai shi bakin bututu, sannan tana cin tukunyar alminiyam. Aikin da kanwa ke yi na tausasa wake, zafin tukunyar ya riga ya yi shi.

Kuskure na biyu yana wurin duba agogo. Ba daga lokacin da kika ɗora ake ƙirga ba. Ana fara ƙirga ne daga lokacin da ɗan ƙarfen nan na kan murfi ya fara juyawa yana huci ba yankewa, kuma kafin a kai nan yakan ɗauki minti 10 zuwa 15. Da ya fara, sai ki rage wuta har hucin ya zama kaɗan-kaɗan. Ƙara wuta ba ya ƙara saurin nuna, gaz kawai yake ƙonawa yana ƙarar da ruwan ciki. Mai dafawa da gawayi sai ta janye rabin garwashin.

Daga fara huci, ga abin da na gwada a tukunyata ya yi daidai. Sabon wake na kaka wanda ba a jiƙa ba, minti 15. Wanda ya kwana a jiƙe, minti 7 zuwa 8. Wanda ya daɗe a ajiye, irin wanda muke saye a kasuwa lokacin bazara zuwa damina, yakan kai minti 25, domin wake idan ya sha zafin ajiya wata da watanni taurinsa ƙaruwa yake. Idan na shinkafa da wake ne da kike so ƙwayar ta tsaya, ki rage minti 3. Tukunyoyi sun bambanta, saboda haka karon farko gara ki sauke da wuri. Wanda bai nuna ba ana mayar da shi, wanda ya dame kuwa sai dai a yi fate.

Ƙafar sa lissafinta daban. Abin da ke sa ta tauri jijiya ce da fata, kuma su ba sa laushi sai sun daɗe cikin zafi da ruwa har su narke su zama wannan romo mai danƙo da muke so. Bisa murhu takan ci awa uku zuwa huɗu. A kokot, bayan an babbake an kankare, mahauci ya sassara ta, nakan fara tafasa ta a buɗe minti 5 in kwashe kumfar da ta taso, saboda ita ma tana toshe bututu. Sannan in sa ruwa ya ɗan rufe naman, duka kada ya wuce kashi biyu cikin uku na tukunya. Daga fara huci, ƙafar ɗan maraƙi minti 40 zuwa 45. Ta tsohon sa, irin shanun huɗa da amalanke da ake yankawa bayan sun gama aiki, awa ɗaya har zuwa awa ɗaya da kwata. Alamar ta nuna ita ce fata ta fara sakin ƙashi, cokali ya shiga jijiya ba gardama. Idan kin buɗe kin tarar da saura, ki duba ruwa, ki rufe ki ƙara minti 15.

Wata baiwar Allah daga Dungas ta tambaye ni ko za a iya haɗa wake da ƙafar a dafa tare. Ana iyawa, amma ba a zuba su lokaci guda, in ba haka ba wake zai narke ƙafar na nan da ranta. A fara ba ƙafar minti 45 ita kaɗai, a sauke a bari ta huce, a buɗe a zuba wake, a tabbata duka bai wuce rabin tukunya ba, sannan a ƙara minti 15.

Sai babban zance, fitar da tururi. Hanya uku ce. Ta farko, a kashe wuta a bar tukunya ta huce da kanta, minti 15 zuwa 20. Ga wake da ƙafar sa, wannan ce hanyar da nake bi, domin abincin na ci gaba da nuna a wannan lokacin kuma ba abin da ke tsartuwa. Ta biyu, idan ana sauri, a kai tukunyar bakin rariya a riƙa zuba ruwan sanyi da buta bisa gefen murfi, ban da kan bututun, har hucin ya mutu. Ta uku ita ce ɗage ɗan ƙarfen kan murfi don tururi ya fita da ƙarfi. Wannan ta dace da dankali ko kayan lambu, amma ba wake ba, ba romo mai maiƙo ba, domin ruwan zai biyo tururin ya feso.

Ko wace hanya kika bi, kafin ki taɓa marfin ɗaurewa, ki ɗan ɗaga ƙarfen da cokali, fuska a gefe. In kin ji huci, ki jira. In babu, ki cire shi, ki ɗan girgiza tukunyar don iskar da ta maƙale cikin wake ta fita, sannan ki kwance a hankali, ki buɗe murfin yana kallon nesa da ke. Idan murfi ya yi miki gardama, kada ki sa ƙarfi, da sauran matsi a ciki. Sababbin tukwane suna da ɗan tsinke da ke kulle murfi har sai ya sauka, amma irin tawa ta da ba abin da zai hana ki buɗe ta sai hankalinki.

Yaya za a gane bututu ya toshe? Tukunya tana huci sai ta yi shiru alhali wuta na ci. Ko ta fi minti 20 a kan wuta mai ƙarfi ba ta ce komai ba. Ko ki ga tururi na fita ta ƙaramin ramin kariya na biyu da ke kan murfi. Duk wanda kika gani, ki kashe wuta, ki kori yara daga madafa, kada ki tsokane bututun da tsinke, ki ba ta rabin awa ta yi sanyi. Idan kuma tururi na zurara ta gefen murfi tun farko, robar ce ta tsufa ko ta bushe, a canza ta, kada a cusa tsumma ko leda.

Abin da ya zama mini al'ada yanzu bai fi daƙiƙa biyar ba: kafin in rufe, sai in ɗaga murfi in leƙa bututun ta wajen haske. In na hango haske, bismillah. In ban gani ba, sai na wanke shi tukuna.

In tsautsayi ya faru, Allah ya kiyaye, a sa wurin ƙunar cikin ruwa mai sanyi mai tsabta na minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin hannu ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi likita. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja. Mu da muka shafa wa ƙanwata man goge baki, sai da aka sha wahalar wanke shi kafin a fara magani, tana kuka muna kuka.

Yau ita ce ke dafa mana ƙafar sa a gida, kuma ta fi ni kiyaye agogo. Wadda duk za ta bar wa ƴarta ko ƴar aikinta kokot, don Allah ta tsaya ta nuna mata awo, da bututu, da yadda ake buɗewa, kafin ta fita. Masu tukunya mai litar 6 ko 10, ku rubuto mini mintocin da kuka gwada a ƙasa, zan karanta su a shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu.