A San Harshe Kafin A Nemi Tafinta

Mutane da yawa idan sun ga rubutu da baƙaƙen Larabci sai su ce Larabci ne, su nufi zauren malam. Amma baƙaƙe tufa ce, harsuna da dama suna sa ta. Hausa da Fulatanci da Barbarci duk an rubuta su da ajami, haka nan Farisanci na ƙasar Iran, da Urdu na Pakistan da Indiya. Saboda haka ni dai idan aka kawo mini hoton layi guda na rubutu, ba na fara tambayar abin da ya ce, sai na san da wane harshe ya faɗa.

Wani maƙwabcina ya taɓa nuna mini hoto a wayarsa, na layi ɗaya da ke jikin kwalin maganin da aka kawo wa mahaifiyarsa tsaraba. Kalmomi shida ne kurum. Yana so ya sani ko gargaɗi ne game da yadda ake sha. Ga yadda muka bi.

Da farko muka duba hoton kansa, domin a irin wannan rubutu ɗigo shi ne kome. Ba da ta jikinsu ɗaya ne, ɗigo ya raba su. Ƙura ko ƙyallin fitila yakan ƙara ɗigo inda babu, ko ya shafe wanda ke akwai. Sai na roƙe shi ya sake ɗauka a hasken rana, ya miƙe kwalin, kada kuma ya yanke bakin layin.

Na biyu, muka tambaya ko rubutun ƙasarmu ne. Ajaminmu galibi yana zuwa da wasali, fataha da kisira da rufu'a, har da imala. Kuma a hannun da muka gada, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuwa ɗaya a sama. Wannan layi ba wasali ko ɗaya, kalmominsa kuma suna gangarowa daga dama zuwa hagu kamar an rataye su. Ka ga ke nan daga gabas ya fito.

Na uku, muka nemi alamun Larabci. Da wuya jimlar Larabci ta yi tsawo ba a ga alif da lam a farkon wata kalma ba, ko ta kuri a ƙarshenta. Ba mu ga ko ɗaya ba. Maimakon haka sai ga baƙin da ba ya cikin ashirin da takwas na Larabci. A kalma ta huɗu akwai kaf mai sanda biyu a ka, watau ga. A ta biyar akwai ba mai ɗigo uku a ƙasa, watau pa. Waɗannan biyu suna cikin baƙaƙe huɗu da Farisawa suka ƙara.

To, a nan ne mai gaggawa yakan ce Farisanci ne, balle ma kalma ta uku, mai ma'anar busasshe, asalinta Farisanci ce. Amma kalmar aro ba ta shaida. Mu ma muna cewa littafi da alƙalami, ba mu zama Larabawa ba. Abin da ya raba gardama yana cikin kalmar farko: baƙaƙe biyu, ɗaya mai jikin ta, ɗaya dal, kowanne da ɗan ƙaramin ɗa mai hannu zaune a kansa. Farisanci ba shi da su, Urdu yana da su. Kalmar ƙarshe kuma ta ƙare da nun marar ɗigo, wadda Urdu ke nuna sautin hanci da ita. Ita kaɗai ba za ta isa hujja ba, gama mu ma a allo mukan bar nun ta ƙarshe ba ɗigo.

Saura abu guda. Panjabi na Pakistan ma da waɗannan baƙaƙe ake rubuta shi. Inda baƙaƙe suka gaza, ƙananan kalmomi ake dubawa, irin su “da” da “a” namu, domin ba a cika aronsu ba. Kalma ta biyu alif ce da wau da ra, ita ce “da” ta Urdu.

Da muka tabbata, sai muka nemi wanda ya iya Urdu. Ya ce layin yana nufin a ajiye a wuri mai sanyi, busasshe. Bayanin yadda ake sha yana wani gefen kwalin, kuma wannan mai magani aka kai wa.

Sai dai a tuna, layi ɗaya ba kullum yake wadatarwa ba. Idan sunan mutum ne kurum, ko basmala, ko lambobi, to, harsuna da yawa za su iya cewa nasu ne. In haka ta faru, a koma a ɗauko hoton layi na biyu.