Takardar Maganin Baba

Gidanmu na Zariya gida ne mai hannaye da yawa, kuma a shekarun da Baba ya yi fama da ciwon suga da hawan jini kowane hannu so yake ya yi masa hidima. Matansa biyu ne, Umma da ta haife ni da abokiyar zamanta da muke kira Inna. Wadda ke da girki ita ke ba shi abinci da magani. Mu 'ya'ya kuma muna leƙowa gaisuwa safe da yamma. Magungunan suna cikin wata leda a gefen gadonsa: metfomin na suga safe da dare, gilibenkilamaid shi ma na suga sau ɗaya da safe, sai amlodifin na hawan jini. Babu wanda ya rubuta komai, domin kowa yana ganin ya san su.

A 2019 Baba ya haura shekara tamanin, mantuwa ta fara kama shi. Wata safiya Inna ta ba shi maganinsa da kunu, ta shiga kicin. Ƙanena ya biyo a hanyarsa ta kasuwa, ya ce, "Baba, an ba ku maganin safe?" Baba ya ce a'a, kuma har zuciyarsa gaskiya yake faɗa. Ƙanena ya buɗe leda ya ba shi. Kafin azahar aka kira ni. Na tarar da shi zufa ta jiƙa masa riga, hannu na rawa, yana kiran Umma da sunan yayarsa da ta daɗe da rasuwa. Na soka masa yatsa, na'urar gwajin suga ta nuna 2.8. Duk abin da ya gaza 3.9 suga ya faɗi ke nan, wato 70 a na'urorin da ke ƙirga da miligiram. Da yake yana iya haɗiya, muka jiƙa sukari ƙaramin cokali huɗu a ruwa muka ba shi, muka sake gwadawa bayan minti 15. Ya ɗan dawo hayyacinsa, muka wuce asibiti.

Likita ta kwantar da shi, ta yi mana bayanin dalili. Gilibenkilamaid yana daɗewa a jiki, musamman jikin tsoho da ƙodarsa ta rage aiki, don haka suga kan sake faɗuwa bayan sa'o'i ko da an sha sukari. Ta canza masa zuwa gilikilazaid, wanda haɗarinsa bai kai na wancan ba, ta fara da rabin ƙwaya. Ranar sallama wata nas ta tambaye ni, "Wa ke ba shi magani a gida?" Na ce dukkanmu. Ta yago takarda ta ja layuka ta miƙo mini.

A daren na zauna da rula da biro na sake zana ta a babbar takarda. Ga yadda ta kasance:

| Magani | Ƙarfi da yawa | Lokaci | Alama |
|---|---|---|---|
| Gilikilazaid (suga) | miligiram 40, rabin ƙwaya mai 80 | 7:30 na safe, da karin kumallo | |
| Metfomin (suga) | miligiram 500, ƙwaya 1 | 7:30 na safe, da karin kumallo | |
| Amlodifin (hawan jini) | miligiram 5, ƙwaya 1 | 7:30 na safe | |
| Metfomin (suga) | miligiram 500, ƙwaya 1 | 8:00 na dare, da tuwo | |

Layin alama na raba shi gida bakwai, Lahadi zuwa Asabar, takarda ɗaya mako ɗaya. Metfomin ya fito sau biyu da gangan, domin kowane sha yana bukatar gidansa. Idan aka rubuta "sau biyu a rana" a layi guda, alama ɗaya ba za ta gaya maka na safe aka sha ko na dare ba. Inna ba ta karatun boko, sai na rubuta mata sunayen da ajami a ƙasa, na kuma yanko gefen kowane kwali na manna kusa da sunansa.

Doka uku muka kafa, kuma a kansu aka fi kai ruwa rana. Ba a yin alama sai an ga ya haɗiye, domin Baba kan karɓi ƙwaya ya ajiye a kan darduma da niyyar sha bayan lazimi. Mai bayarwa zai sa harafin farko na sunansa, don a san wanda za a tambaya. Kuma ba a sake tambayar Baba ko ya sha, takarda ake dubawa. Wannan ta ƙarshe ta yi wa ƙannena nauyi, suna ganin kamar ƙaryata mahaifi ne. Umma ce ta raba gardama. Ta ce tambayar da ake masa ita ce rashin tausayi, tunda ana ɗora masa abin da Allah ya riga ya sauke masa.

Layin ƙarfin magani ya nuna amfaninsa bayan 'yan watanni. Amlodifin ya ƙare, aka aiki yaro kemis, ya dawo da kwali mai suna iri ɗaya. Inna ta ɗora shi kusa da guntun da na manna, ta ga lambar ta bambanta, ta aiko a kira ni kafin ta ba shi. Mai miligiram 10 ne. Da "ƙwaya ɗaya" kawai muka rubuta, da Baba ya riƙa shan ninki kullum, jiri da kumburin ƙafa su biyo baya, mu kuma mu ɗora wa tsufa. Tun daga nan duk sabon kwali sai an gwada sunan maganin da lambarsa da abin da ke takarda, domin kamfanoni kan sa wa magani ɗaya sunayen kasuwa daban-daban, ainihin sunan kuma yana ƙasa da ƙananan haruffa.

Abin da ban zata ba shi ne darajar gidan da babu alama. Na roƙi kowa kada a cike shi daga baya don kunya. Idan ya ƙi sha, a ja ɗan layi a rubuta dalili, kuma kada a ninka masa na gaba. Muna tara takardun a fayil mu kai wa likita. A wani zuwa ta jera su a tebur ta nuna mana layin metfomin na dare: ramuka sun yi yawa, kusan duka da rubutun "ya ce ya ƙoshi". Ta tambayi Baba a hankali, sai ya faɗi abin da ya ɓoye wa matansa, cewa maganin yana murɗa masa ciki yana sa shi zagayawa cikin dare, shi kuma yana tsoron faɗuwa a duhu. Sakamakon gwajinsa ya ɗan hau, kuma da ba ta ga takardun ba, ta ce, da ƙara masa magani za ta yi alhali wanda aka rubuta ma ba ya shiga cikinsa. Ta canza masa zuwa nau'in metfomin mai narkewa a hankali, ta ce a ba shi a tsakiyar cin abinci. Na yage tsohuwar takarda na zana sabuwa da kwanan wata a samanta, domin ba ma gyara a kan tsohuwa, kuma ba ma barin biyu a bango.

Takarda ba ta gane faɗuwar suga, mutum ne ke ganewa, shi ya sa a ƙasanta na rubuta alamomin: zufa, rawar jiki, yunwa, ruɗewa, da lambar wayata. Na ƙara da cewa idan ba ya iya haɗiya kada a ɗura masa komai, a tafi asibiti. Da azumi ya gabato likita ta ce kada ya yi, aka ciyar a madadinsa, jadawalin ya zauna yadda yake.

Baba ya rasu a 2023, Allah ya jiƙansa ya sa Aljanna ce makomarsa. Duk wanda ke da dattijo mai shan magani fiye da ɗaya, kuma fiye da mutum ɗaya ke ba shi, ya kwashi kwalayen gaba ɗaya ya kai wa likita ko mai haɗa magani, a cike layuka ukun farko a gabansa, sannan a manna takardar kusa da inda ake ajiye maganin, da biro ɗaure a jikinta.