Ƙarin Kuɗin Niƙa: Yadda Muka Sanar da Abokan Ciniki

A aikina na sakatare, takardar da ta fi wuyar rubutawa ita ce ta ƙarin farashi, domin maƙwabta ne za su karanta ta. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, mambobinmu ke kawo mini irin wannan aiki. Litar fetur da ake saye wajen naira 200 ta haura 600 kafin ƙarshen Yuli.

Wata mambarmu mai injin niƙa a nan Samaru Kataf ta so ta mayar da mudun masara daga naira 50 zuwa 150, tunda mai ya ninka sau uku. Na ce, "Mama, mu fara da lissafi." Ta auna, lita ɗaya tana niƙa mata mudu 20. Wato a da man kowane mudu naira 10 ne, a lokacin kuwa ya koma 30. Ƙarin naira 20 ke nan. Baƙin mai, bel da kuɗin motar zuwa Kafanchan sayo kayan gyara suka ƙara kamar naira 10. Farashin gaskiya ya tsaya a 80, domin mai wani yanki ne kawai na kuɗin niƙa.

Ga abin da muka rubuta:

"Iyayena da 'yan'uwana, daga ranar Litinin mai zuwa niƙan mudu ɗaya zai koma naira 80 daga 50. Man da nake niƙa mudu da shi a naira 10 ya koma 30, kayan gyara ma sun tashi. Laushin gari yana nan yadda kuka sani. Wanda nake bi bashi zai biya a tsohon farashi. Na gode da haƙurinku."

Ta ba da mako guda, saboda uwar da ta aiko yaro da tsohon kuɗi aka mayar da shi gida, kunyar ta fi naira 30 ɗin yi mata ciwo. Masu ƙosai da kunu da ke zuwa kullum kuwa ta faɗa musu baki da baki kafin ta manna takardar, don su ma su gyara nasu lissafin.

Abin da ke korar mutane shi ne ƙarin ɓoye: a bar farashi yadda yake, a riƙa niƙa sau ɗaya maimakon biyu, gari ya fito da tsaki. Ranar da aka tuƙa tuwo za a gane.

Bayan sanarwa, a lura da masu ciniki. Wanda ya tsaya yana ƙorafi bai tafi ba tukuna, a nuna masa lissafin. Wadda ta biya shiru, aka yi mako biyu ba a ga kwanonta ba, ita ce za a bi har gida a gaishe ta.