Takardar da muka cusa wa buƙatu huɗu a sakin layi ɗaya

Da yawa daga cikinku kun tambaye mu dalilin da ya sa takardar koken da muka kai ƙaramar hukuma bara a kan kwatar bayan layin masu hatsi ba ta yi aiki ba, har sai da muka sake rubuta wata. Mun daɗe muna cewa jami'ai ne suka yi biris da mu. Da muka ɗauko kwafin daga fayil muka sake karantawa, sai muka ga rabin laifin namu ne, mu da ke ofishin sakatare.

Ga abin da muka rubuta, yadda yake a Hausa kafin mu juya shi zuwa Turanci:

"Muna gode wa mai girma Ciyaman bisa ayyukan alherin da yake yi. Al'ummarmu ta daɗe a wannan gari tana zaman lafiya da kowa, kuma muna biyan haraji a kan lokaci, duk da cewa masu karɓar kuɗin shaguna kan zo sau biyu a wata da rasit iri daban-daban. Kwatar da ke bayan layin masu hatsi ta toshe, fitilun titi sun mutu, ɓarayi suna fasa shaguna da dare, kuma ruwa yana shiga masallaci. Muna roƙon a duba mana."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma ku ƙirga batutuwan: rasit, kwata, fitilu, ɓarayi. Huɗu ke nan a sakin layi guda, kuma wanda ya kai mu, wato kwata, ya zo ne a jimla ta uku. Maganar ruwan da ke shiga masallaci ma, wadda ita ce hujjar kwatar, mun raba ta da ita, mun sa fitilu da ɓarayi a tsakaninsu. Wanda ya taɓa aikin ofis ya san yadda ake yi da irin wannan takarda: jami'i yana duba layukan farko, ya rubuta a gefe sashen da za a tura ta, ya ɗauki ta gaba. Koken farko da ya ci karo da shi a tamu na rasit ne, sai aka tura ta sashen tara kuɗin shiga. Bayan mako uku mutum biyu suka zo duba rasit ɗin 'yan kasuwa. A nan Kudu kuwa ruwa ba ya jira sai Yuni kamar a gida, tun Maris yake farawa. Kafin mu farga buhunan masara da wake sun jiƙe a shaguna.

Wani dattijonmu, tsohon malamin firamare, shi ya zaunar da mu. Ya ce, "Sakatare, idan ka aiki yaro ka ce ya sayo gishiri, ya biya ta wajen tela, ya gaida kawunsa, ya duba akuya, wanne zai tuna?" Muka ce, "Baba, wanda ya fi masa daɗi." Ya ce to jami'in ma haka ya yi. Kowane sakin layi aike ɗaya yake ɗauka, kuma jimlar farko ita ce ke faɗin aiken.

Samun wannan jimlar ta farko ya fi ba mu wuya fiye da sauran takardar. Da farko mun rubuta, "Unguwarmu tana fama da matsaloli." Baba ya ce wannan ƙofa ce mai faɗi, fitilu da ɓarayi duk za su sake shigowa ta nan. Muka canza zuwa, "Za mu yi magana a kan kwata." Ya ce mun ambaci sunan abu amma ba mu ce komai a kansa ba; mai karatu bai san ko yabon kwatar za mu yi ba. A karo na uku muka rubuta: "Kwatar da ke bayan layin masu hatsi ta toshe, kuma duk lokacin da aka yi ruwa sai ya shiga shaguna 14 da masallaci." Wannan ta ƙunshi abin da ake magana a kai da kuma abin da muke cewa game da shi. Ko ita kaɗai jami'i ya karanta, ya san sashen ayyuka za ta.

Daga nan sai muka bi sauran jimlolin ɗaya bayan ɗaya, muna tambayar kowace: me kika ƙara wa ta farko? Wadda ta faɗi inda toshewar take, a kwalbatin da ke ƙarƙashin titi inda yashi da leda suka taru, ta zauna. Wadda ta faɗi ranar da ruwa ya shiga da yawan buhunan da suka lalace, ta zauna. Wadda ta ce matasanmu sun yi gayya sau biyu sun yashe buɗaɗɗen ɓangaren, amma ba su da ikon fasa kwalta, ita ma ta zauna, don tana nuna dalilin da ya sa aikin ya fi ƙarfinmu. Maganar sauron da ke hayayyafa a ruwan da ya kwanta mun bar ta a jimla ɗaya, tunda kwatar ce ta haife shi.

Jimla biyu suka jawo gardama. Ma'aji ya dage sai an bar "muna biyan haraji a kan lokaci", wai don su san ba roƙon banza muke yi ba. Hujjarsa tana da ƙarfi, amma ita ce ta ɓatar da takardar farko, don haka muka cire ta, yana gunaguni. Ta biyun ta fi wuya: ruwan ya rushe wani ɓangare na katangar baya, kuma ta nan ɓarayi ke shiga. Ta kwata ce ko ta tsaro? Muka raba ta. Rushewar katangar ta shiga sakin layin kwata a matsayin ɓarnar ruwa. Ɓarayin muka ajiye su don takardar da za ta je wajen masu kula da tsaro.

Roƙon kansa muka ba shi sakin layinsa, da tasa jimlar ta farko: "Muna roƙon a turo injiniya ya duba kwalbatin kafin damina ta kankama." Gaisuwa da godiya kuwa ba mu yar da su ba, don ba tarbiyyarmu ba ce mu faɗa wa babba da buƙata babu sallama. Mun ba su layi biyu a sama su kaɗai, muka bar fili, sannan batu ya fara. Abin da ke ɓata mana rubutu shi ne mukan manna buƙata a wutsiyar gaisuwa, kamar yadda muke yi a zaure. A zaure mai gida yana kallon fuskarka, zai ce, "To, me ke tafe da kai?" Takarda ba ta samun mai yi mata wannan tambayar.

Kafin mu buga, Baba ya sa muka karanta jimlolin farko na kowane sakin layi su kaɗai, a jere: godiya, kwata ta toshe tana sa ruwa a shaguna, a turo injiniya. Ya ce idan waɗannan kaɗai suka ba da labarin, takarda ta tsaya da ƙafarta. Mun gwada hakan a tsohuwar takardar, abin da ya fito shi ne muna gode wa Ciyaman, shi ke nan.

Ba kowane rubutu muke yi wa haka ba. Saƙon ta'aziyya ko labarin yadda taron Sallah ya gudana yana bin yadda abin ya faru ne, kuma tilasta masa irin wannan jimla yakan sa ya bushe. Amma koke, da rahoton ma'aji, da bayanan taro, yanzu duk haka muke yi musu.

Takarda ta biyu ta isa sashen ayyuka, an zo an duba, an yashe kwalbatin, kodayake ba a sauya shi ba tukuna. Ta fitilu da ta tsaro muna kan rubuta su, kowace daban. Za a karanta su a taron Lahadi bayan la'asar, duk mai gyara ya zo da shi.