Kawuna ba wawa ba ne

Jama'a, wannan rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe. Tun da aka shiga wannan tsadar rayuwa, kullum sai na ga wani ya rubuta cewa talakan ƙasar nan shi ya jawo wa kansa, wai wawa ne, ana yanka shi yana tafi. Ni ma na taɓa faɗin haka. Kuma ba a nan na faɗa ba, a gaban kawuna na faɗa, har yau kunyar ba ta sake ni ba.

Kawu ya shekara goma sha tara yana gadi a gidan wani attajiri. Albashinsa naira 25,000 ne a wata. A bikin ƙanwata na zauna kusa da shi na ce, "Kawu, ka san tun watan Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000?" Na ɗauko waya na buga masa lissafi. Tazarar 45,000 ce a wata, a shekara 540,000 ke nan. Na ce wallahi cutarka ake yi, kai kuma kana ranka ya daɗe.

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, lokacin da aka yi wa gwaggonka aiki a asibiti, wa ya biya? Buhun shinkafar azumi fa? Shaddar Sallah fa? Kai da lissafinka, ranar da aka kwantar da ita ina kake?" Sai ya rufe da cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na ce wannan ai wauta ce. Bai ƙara cewa uffan ba, ya tashi ya bar min wurin.

Abin da ya hana ni barci shi ne, babu wanda ya ɗora wa Kawu bindiga. Da bakinsa yake kare tsarin, kuma da zuciya ɗaya. Wannan shi ne abin da masana zamantakewa ke kira hejemoni, wato rinjayen da ke tsaye a kan yardar wanda aka rinjaya.

Wanda ya fi shahara da wannan tunani ɗan Italiya ne, Antonio Gramsci. An haife shi a 1891 a tsibirin Sardinia, yankin manoma matalauta, ya zo birnin Turin karatu, ya shiga gwagwarmayar ma'aikata. A watan Satumban 1920 ma'aikata suka mamaye masana'antu a arewacin Italiya, har da na kamfanin motoci na Fiat. Mutane da yawa sun ɗauka juyin juya hali ya iso. Bayan shekara biyu sai ga Mussolini a kan mulki. A 1926 aka kama Gramsci, daga 1929 ya fara cika littattafan rubutu a kurkuku, ya rasu a 1937. Tambayar da ya yi ta juyawa a ciki ita ce tawa a bikin nan: me ya sa masu yawa ke ɗaukar nauyin 'yan kaɗan, alhali sun fi su yawa nesa ba kusa ba?

Amsarsa ita ce mulki ƙafa biyu gare shi. Ɗaya ƙarfi: soja, ɗan sanda, kotu, gidan yari. Ɗaya yarda, wadda ake ginawa a makaranta da jarida da ƙungiyoyi da wuraren ibada da hirar majalisa. Ƙarfi tsada gare shi, ba za ka iya ajiye ɗan sanda a bayan kowane mutum ba. Mulkin da ya zauna daram shi ne wanda bindigarsa ke rataye, saboda mutane da kansu suna ganin ai haka duniya take.

To, ta yaya ake samun wannan yardar? Abu biyu na fahimta.

Na farko, ana sarrafa abin da muke kira "ai kowa ya sani". Gramsci ya ba da wani labari da ba na mantawa. A 1919 gwamnati ta kawo rundunar sojan Sassari birnin Turin don maganin masu yajin aiki. Sojojin nan yawancinsu 'ya'yan manoma da makiyayan Sardinia ne. Wani majemi, shi ma ɗan can, ya je ya ja wani matashin soja da hira, ya tambaye shi me ya kawo su. Sojan ya nuna masa cewa manyan mutane masu yajin aiki suka zo harbi. Da aka ce masa ai ma'aikata ne talakawa, sai ya ƙi yarda, don a idonsa wanda ke sa kwat yana ɗaure wuya yana karɓar albashi ba talaka ba ne. Talaka shi ne wanda ya baro a ƙauyensu.

Ku lura, sojan nan ba ƙarya ya yi ba. Ma'aikacin Turin ya fi manomin Sardinia samu. Amma layin da ke kansa ya raba talakan birni da talakan ƙauye, bai raba su biyun da mai masana'anta da mai gonaki ba. Aikin aƙida ke nan. Ba sai an yi maka ƙarya ba, a nuna maka gaskiya ɗaya ta tsaya ta tare maka sauran. Mu ma muna da namu: bin na gaba bin Allah, yatsun hannu ba daidai suke ba, mai ido ɗaya ba ya godiya sai ya ga makaho. Kowace magana a nan tana da gaskiyarta a muhallinta. Amma ku duba wa aka fi karanta wa su, kuma a wane lokaci. Ban taɓa jin an karanta wa maigida ba ranar biyan albashi.

Na biyu, kuma nan ne na zalunci Kawu: yarda ba kyauta ake samunta ba, sayenta ake yi da abu na zahiri. Gramsci ya yi nazarin Henry Ford na Amurka. A 1913 ma'aikata na ta gudu daga masana'antar motocinsa saboda azabar aikin, kullum sai an ɗauki sababbi. A watan Janairun 1914 sai ya ninka kuɗin yini zuwa dala 5, ya rage awannin aiki daga 9 zuwa 8. Kuɗin gaske ne, mutane suka yi tururuwa. Amma da sharaɗi. Kamfanin ya kafa sashe na masu bin gidajen ma'aikata suna duba ko mutum mashayi ne, ko gidansa da tsafta, ko yana tattali, kafin ya cancanci cikakken kuɗin. Ma'aikaci ya samu ƙari, Ford ya samu mutumin da ke horar da kansa. Abin da ba a taɓa ba shi ne wa ke da masana'antar, wa ke yanke hukunci. Wannan ita ce ƙa'idar: na sama zai saki wani abu, wani lokaci mai tsoka ma, amma ba zai saki wuƙa da nama ba.

Da wannan idon na koma kan lissafin Kawu. Na ƙiyasta shinkafar da shaddar da ɗan abin da ake miƙa masa in an yi baƙi, na ga duka ba su kai rabin 540,000 ɗin nan ba. A takarda ni ke da gaskiya. Amma akwai abin da wayata ba ta buga ba. Kawu ba shi da inshorar lafiya, ba shi da fansho. Dokar albashin ma ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka babu kotun da za ta karɓar masa 70,000 ɗin. Ranar da ciwo ya zo da dare, ƙofa ɗaya ce ke buɗe masa. In ya yi rigima ya rasa ta, ni zan buɗe masa wata? Ya auna ya ga gara tsuntsun da ke hannu. Wannan hankali ne, ba wauta ba.

Illar tana wani wurin daban. Abin da ya kamata ya zo masa a matsayin haƙƙi, yana zuwa a matsayin alheri. Haƙƙi nemansa ake yi, kai a ɗage. Alheri kuwa gode masa ake yi, kuma wanda ya bayar yana iya hanawa gobe ba mai tuhumarsa. Kuɗi ɗaya ne, amma ɗaya yana haifar da ma'aikaci, ɗaya yana haifar da bara. Ku ɗauki wannan ku auna da rabon taliya da atamfa a lokacin zaɓe, ko tallafin da ake ɗaukar hoto kafin a miƙa. Ban ce kowane mai kyauta makirci yake ƙullawa ba. Ina kyautata zaton maigidan Kawu har ransa yana ganin kansa mutumin kirki. Shi ya sa abin yake da ƙarfi, don na sama ma ya yarda da labarin.

Sai dai kada mu wuce gona da iri. Ba duk shiru ne yarda ba. Wani masani Ba'amurke, James Scott, ya zauna a wani ƙauyen manoman shinkafa a Malesiya, ya fitar da littafi a 1985. Ya tarar talakawa na rusuna wa masu gonaki a gaban ido, a bayan ido kuwa sai gulma da laƙabi da jan ƙafa a wurin aiki. Mu ai mun san ladabin kura. Don haka in kana son gane ko yarda ce ko haƙurin dole, kada ka saurari abin da mutum ke faɗi a gaban maigida. Ka saurare shi cikin 'yan'uwansa. In can ma yana karewa, kamar yadda Kawu ya yi a gabana, to yarda ce. Sannan ka duba ranar da alherin ya yanke. Gramsci ya ce alamar rinjaye ya fara tsagewa ita ce ka ga masu mulki sun daina lallashi sun koma duka zalla. Yawan fito da bindiga ba shaidar ƙarfi ba ce, shaida ce cewa maganarsu ta daina shiga.

Kun san yadda aka ƙare da rundunar Sassari? Ma'aikatan Turin ba su zage su da wawaye ba. 'Yan Sardinia da ke cikinsu suka riƙa zuwa suna hira da su da harshen gida, wata da watanni. Kafin babban yajin aikin watan Yulin 1919, hukuma ta kwashe rundunar daga garin. Yardar da aka gina a hankali, a hankali ake warware ta, kuma sai ta bakin wanda aka amince da shi.

Ni kuwa na je wa dattijo da kalkuleta da raini. Kuma in faɗa muku gaskiya, yarinyar da ke taya matata aiki, da na dawo na tambayi nawa muke ba ta, sai na ji bakina yana cewa ai muna ciyar da ita, muna yi mata ɗinkin Sallah. Maganar maigidan Kawu ce sak, a bakina.

Ranar Juma'a na je na ba Kawu haƙuri. Ya ce ba komai, yaro ne kai. Na ce daga yau in ciwo ya taso ni za a fara kira. Ya yi shiru can, sai ya ce, "To, wancan lissafin naka, sake buga min in gani."