Tsadar da mai kaya ya fara ambata da bakinsa

Kawuna yana bayar da sarin sabulu ga masu kanti a unguwannin Kano. Wata Asabar na bi shi, na ga abin da da farko na ɗauka wauta ce. Mun shiga wani kanti, aka gaisa, kuma tun mai kantin bai buɗe baki ba sai Kawu ya ce: "Alhaji, katon ɗina ₦21,600 ne. Na san a Singa za ka same shi ₦20,400. Na fi su tsada da ₦1,200."

Ni da nake tsaye sai da na ji kunya ta kama ni. Amma a hanya ya bayyana mini cewa mai kanti ya riga ya san farashin kasuwa. Idan ba a faɗa ba, zai riƙe shi a zuci yana sauraro da rabin kunne, daga ƙarshe ya ce "zan neme ka", wadda kowane ɗan kasuwa ya san sallama ce.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne bai yi lissafin shi kaɗai ba. Tambaya ya riƙa yi. Katon nawa Alhaji yake ɗauka? Goma. Ke nan bambancin ₦12,000 ne. Nawa yake ba ɗan dako da mai Adaidaita Sahu? Alhaji da kansa ya ce kamar ₦5,000. Mutum yana iya musanta adadin da aka faɗa masa, amma da wuya ya ƙaryata wanda ya fito daga bakinsa, balle yaron shagonsa yana ji.

Kawu bai ɓoye ragowar ba. "Saura ₦7,000, ranka ya daɗe, kuma ba zan ce babu su ba. Da su nake kawo maka kaya har ƙofa, in jira ka mako biyu, in kuma canza wanda ya jiƙe. A kasuwa kuwa sai ka ajiye ₦204,000 kafin a ɗaga katon ɗaya daga cikin goman."

Alhaji ya taya ₦21,000. Kawu ya ce albarka, sai dai in zai ɗauki ashirin. A ganinsa, ragin da aka yi nan take ba tare da sharaɗi ba shaida ce cewa farashin farko ƙarya ne, kuma mako mai zuwa daga nan za a fara ciniki.

Dabarar tana da iyaka. A kanti na gaba, mai shagon yana da tasa motar, yana biya nan take, don haka dako da jinkirin biya ba su dame shi ba. Lissafin da aka yi a fili sai ya tabbatar masa da cewa kasuwa ta fi masa. Kawu ya mayar da kalkuletarsa aljihu, ya tambaye shi ko yana buƙatar man shafawa.